Akwatin da Bara'atu Ta Bari a Buɗe

"Na ruhe shi, Malam Mode. Wallahi da hannuna na ruhe."

"Taga kinka ruhe, Malama. Akwatin shina nan buɗe bayan tagar."

Bara'atu ta dubi mai kafen intanet ɗin, ta sake duban allon kwamfutar, inda layuka uku na saƙon saurayinta Tambari suke tsaye kamar an kafa su da ƙusa. Sau biyar ke nan tana karanta su. Ya rubuta mata cewa duk duniya mutum ɗaya ya ba amanar sirrinsa, ga shi mutumin nan ya ɗauko mahaifinsa ya zaunar da shi a kan wasiƙunsa, har ya ara masa akwati don ya tsine masa daga ciki. Ya rufe da "Allah ya isa", bai ko sa sunansa a ƙasa ba.

"Ni ban gane ba," in ji ta. "Wane akwati na ara ma wa?"

Malam Mode ya jawo kujera ya zauna a ɗan nesa da ita. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya yi shekara ashirin yana buga tafireta a kamfanin siminti na Kalambaina kafin ya ajiye aiki ya buɗe wannan shago, inda ake buga takardu, ake kuma shiga intanet da kwamfuta biyu a kan layin tarho ɗaya. A shekarar nan ta ƙarshe ta mulkin soja, irin shagonsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba a duk birnin Sakkwato.

"Shiga wurin saƙonnin da anka aika," ya ce. "Ki duba ranar Talata."

Ta matsa linzamin kwamfutar. Ga shi nan kuwa, saƙo daga akwatinta na imel, da sunanta a sama, an aika wa Tambari ranar Talata bayan la'asar. Ba ita ta rubuta shi ba.

Ranar Talatar nan ba za ta taɓa fita daga ranta ba. Ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa a Wamakko, ta sha jiran mota saboda ƙarancin mai, ta sauka a gari rana na dukan ƙeya. Kamar kowace Talata da Juma'a, ba ta wuce gida Ƙofar Kware ba sai da ta biyo kafen, domin nan ne kaɗai take jin muryar Tambari, ko da yake murya ce ta baƙaƙe a kan gilashi. Shekara uku ke nan yana Alƙahira. Kafin ya tafi iyayensa sun kai gaisuwa gidansu, akwatin na-gani-ina-so yana nan a ƙuryar ɗakin Inna Kulu, mahaifiyarta, an rufe shi da tsohon zane. Da can wasiƙa takan yi wata guda a hanya. Da ya koya mata imel ta takarda, mataki bayan mataki, sai ta ji kamar an naɗe hamada da teku an ajiye mata shi a bakin ƙofa.

A cikin waɗannan wasiƙu ne ya gaya mata abin da bai gaya wa kowa ba. Ya faɗi jarrabawar likitanci sau biyu, makaranta ta sallame shi tun bara. Yanzu a wani gidan burodi yake aiki, yana karatu da kansa, yana neman a sake ɗaukarsa. A Sakkwato kuwa mahaifinsa, Alhaji Dodo, dillalin shinkafa da gero a kasuwa, ba wanda ke kiransa da sunansa kuma. Baban Likita ake ce masa, shi ma yana amsawa da murmushi har kunne. Tambari ya roƙe ta ta riƙe maganar shekara ɗaya tak. Ita kuma ta rubuta masa cewa kada ya gaya wa Baba yanzu, ya bari sai ya miƙe, cewa ko da gari a hannunsa ya dawo ita tana sonsa, cewa zuciyarta rumbu ce, abin da ya zuba a ciki ko ɓera ba zai gani ba.

Tana tsakiyar karanta sabuwar wasiƙarsa a ranar, tana murmushi ita kaɗai, sai ta ji sallama a bakin ƙofa. Ta gane muryar nan take. Alhaji Dodo ne da kansa, da babbar riga da sanda, babban ɗansa Illo na biye da shi riƙe da wata takarda. Ɗaya kwamfutar ta lalace tun safe, an lulluɓe ta da ƙyalle, saboda haka kujera ɗaya ce ke aiki a shagon, ita ce kuma a kai.

Wace ɗiyar mutunci ce za ta zauna daram a kan kujera surukinta na tsaye? Wace ce ma za ta bari su haɗa ido? Tun da aka kai gaisuwa, ko a hanya ta hango shi sai ta sake lungu. Jikinta ne ya yanke hukunci tun kafin hankalinta ya iso. Ta danna alamar rufe taga a kusurwar allo, wasiƙar ta ɓace, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi da muryar da ita kanta ba ta ji ba.

"A'a, ɗiyata, ƙare abinki mana," in ji Alhaji Dodo, yana dariya.

Ta sulale ta gefen Illo ta fita, har ba ta lura takalminta ɗaya ya juye ba sai da ta kai bakin titi. A hanya ma dariya ta riƙa yi wa kanta, tana tsara yadda za ta ba Tambari labarin ranar Juma'a.

Yau ce Juma'ar.

"Ina can baya ina hwama da janareta," in ji Malam Mode, idonsa a ƙasa. "Illo ya zo ya aika ma wani mai injin casar shinkahwa saƙo. Shi ma wurin da kike da akwati nan shike da nashi. Da ya buɗe shahin, ba a tambaye shi suna ba, ba a tambaye shi kalmar sirri ba. Naki akwatin ya buɗe mishi, ga sunan ƙanenai jere tun daga sama har ƙasa."

"To don mi za shi buɗe? Ai ni kaɗai na san kalmar."

"Hita ki gani."

Ya nuna mata wata 'yar kalma mai ma'anar fita a saman shafin, wadda ba ta taɓa kulawa da ita ba. Ta danna. Akwatin ya rufe, shafin shiga ya bayyana, da gurbin suna da gurbin kalmar sirri. A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan ƙaramin gida mai kusurwa huɗu, da rubutun Turanci a gefensa.

"Kin taɓa sa ma wannan alama?"

Ta tuna. Wata biyu da suka wuce ne, ranar da layin ya riƙa yankewa, ta buga kalmar sirrin sau huɗu lokacinta na tafiya a banza. Ta karanta rubutun, ta ga yana cewa kwamfutar ta tuna da ita, ta ce a ranta ai kuwa wannan alheri ne. Tun daga ranar ba a sake tambayarta komai ba, tana buɗe shafin sai ta ga sunan Tambari, har takan ji kamar na'urar ma ta san abin da ke zuciyarta.

"Wannan na mai kwamfuta a ɗakinai ne," in ji Malam Mode a hankali. "In kin sa mishi alama, shahin na aje wata 'yar shaida cikin kwamfutar, duk wanda ya zauna bayanki, ke ce a wurinta. Ruhe taga ba ya goge shaidar. Sai kin danna hita. Awa ki saki labule ne ki bar ƙyaure buɗe." Ya shafa gemunsa. "Laihina ne ni ma. Ya kamata in riƙa dubawa bayan kowa."

"Wata biyu," ta ce. "Wata biyu duk wanda ya zauna nan..."

"Masu zuwa ba su da yawa, mafi yawansu ma takarda suka kawo in buga. Amma ban iya rantse miki."

Ta sake shiga, wannan karon ta bar ɗan gidan babu alama. Ta buɗe saƙon Talata. Illo ne ya buga, amma kalmomin na Alhaji Dodo ne, ta san tafiyarsu. Ya ce ya ji duk abin da ɗansa ya ɓoye. Ya ce shekara guda ana kiransa da sunan da bai cancanta ba a gaban 'yan kasuwa, ɗansa na can yana cuɗa ƙullu yana yi masa dariya. Ya ce ya dawo gida kafin Babbar Salla ya durƙusa a gaban mutanen da ya sa aka yi wa ƙarya, in kuwa bai dawo ba to ya nemi wani uban. A ƙarshe ya ce ita ma yarinyar da ta ce a ɓoye masa, ya ji nata.

"Alhaji bai karatun boko," in ji Malam Mode. "Da na shigo na iske Illo ya yi tsit gaban allo. Alhaji ya ce mishi mi ka gani, ya ce sunan Tambari. Ya ce to karanta mini, ɗana ne. Na so in hana, Malama. Wa ka hana uba jin maganar ɗanai?"

Bara'atu ba ta yi kuka a nan ba. Malam Mode ya nuna mata inda ake sauya kalmar sirri, ya juya baya ya fuskanci bango har ta gama bugawa. Ya goge duk abin da kwamfutar ta adana. Ta rubuta wa Tambari doguwar wasiƙa, ta faɗa masa komai, tun daga ɗan gidan alamar har zuwa durƙuson da ta yi, ta roƙe shi don darajar Annabi ya yarda da ita. Ta aika, ta danna fita, ta jira har shafin shiga ya dawo fayau, sannan ta rufe tagar. Danna fitar bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Wannan ne ya fi ci mata rai, ganin ƙanƙantar abin da ta kasa yi.

Washegari Asabar ta nufi kasuwa, layin 'yan shinkafa. Ta tsaya nesa sai da ta tabbatar Alhaji ba ya rumfar, sannan ta ƙarasa. Illo na zaune a kan buhu yana ɗinke bakin wani da babbar allura. Shi ne ya tsaya a rumfa tun yana ɗan shekara goma sha biyar, ƙanensa kuma aka tura makaranta.

"Yaya Illo, ina wuni."

"Lahiya lau, amaryar likita." Bai ɗago ba. "Ko ta mai burodi za mu ce?"

"Don Allah mi na yi maka?"

"Ni? Ba ki yi min komi ba. Ni ban hwasa ƙohwar kowa ba, buɗe na iske ta."

"Da ka ga ba naka ba ne sai ka hita."

Ya soke allurar a buhun, ya dube ta. Idonsa ja ne kamar bai yi barci ba.

"Baba na tsaye bisa kaina shina tambaya. In ce mishi mi? In yi mishi ƙarya awa ku? Kin san tun Talata bai zo kasuwa ba? Jiya wani ya tambaye ni ina Baban Likita, na rasa bakin amsawa." Ya ja numfashi. "Shekara ukku ina ɗaukar buhu don a ce muna da likita a gida."

"To ko saƙon, da ka aika daga naka akwatin. Yanzu Tambari na ganin ni na kawo ku."

Illo ya kawar da kai. Ga alama wannan bai taɓa zo masa a rai ba.

"Baba ya ce a ba shi amsa nan take. Na danna wurin amsa. Ban duba sunan wa ka tahiya ba." Ya zare allurar. "Ki tahi gida, Bara'atu. Kar Baba shi ji an gan ki nan."

Daga ranar ta koma zuwa kafen kullum. Ta daina jiran Talata da Juma'a. Takan taso daga Wamakko, ta wuce shingen sojoji, ta wuce dogon layin motoci a gidan mai, rediyon direba na ta maganar miƙa mulki ga farar hula, mutanen motar na gardama, ita ba ta jin ko ɗaya. Ta zauna, ta buga suna, ta buga kalma, ta duba ɗan gidan sau biyu ta tabbatar babu alama. Akwatin ya buɗe babu komai sabo. Ta rubuta wata wasiƙar. Ta danna fita. Wani lokaci har ta kai ƙofa sai ta dawo ta sake buɗe shafin don ta ga ko da gaske ya rufe, Malam Mode na kallonta. Ta rame, ƙasusuwan wuyanta suka fito. Ɗalibanta suka fara tambayar ko Malama ba ta da lafiya. Inna Kulu ta lura ƙanwar Alhaji Dodo, wadda takan leƙo duk mako da 'yar fura a ƙwarya, ta ɗauke ƙafa, amma da ta tambayi ɗiyarta sai ta ce zafi ne ke hana mutane fita.

Babbar Salla ta zo ta wuce. Tambari bai dawo ba, ba a kuma aiko da ko tsokar nama daga gidan Alhaji Dodo ba.

A rana ta ashirin da uku amsa ta zo. Da ta ga sunan Tambari sai da ta rufe ido ta yi salati kafin ta buɗe.

Ya ce ya yarda da ita. Illo ya rubuta masa daga nasa akwatin ya faɗi yadda aka yi, shi kuma Tambari ya janye Allah ya isan da ya yi mata, ta yafe masa. Hawaye suka cika mata ido, ta share da sauri don ta ci gaba, tana jin kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Sai ta kai sakin layi na biyu. Ya ce ya zauna sau goma zai rubuta mata, duk lokacin da ya ɗora yatsa sai ya ga fuskar Baba a bayan gilashin, ya ji muryar Illo tana karanta kalmomin da ya rubuta mata ita kaɗai, har waɗanda ko a gaban madubi ba zai iya maimaitawa ba. Ya ce ba zai iya shiga Sakkwato ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Ya bar gidan burodin, zai bi wasu abokai zuwa wata ƙasa neman aiki, bai san inda zai tsaya ba. Baba ya rantse ba zai karɓi aurensu ba, shi kuma ba zai ƙara wa tsohon wani ciwon a kan wanda ya riga ya sa masa ba. "Ban ƙi ki ba, Bara'atu," ya rubuta. "Kada ki jira ni. Wannan akwatin ma ba zan sake buɗe shi ba."

Ta daɗe a zaune. Fankar sama na juyawa, injin buga takardu na ƙara a bayanta. Da ma ya ci gaba da zarginta, da tana da abin da za ta yi ta rantsuwa a kai har ƙarshen ranta. Yanzu ya wanke ta, ya kuma tafi, ba a bar mata ko gardamar da za ta riƙe ba.

"Malama," in ji Malam Mode daga teburinsa, "lahiya?"

"Ya amsa."

"To alhamdu lillahi."

Ba ta gyara masa ba. Ta danna fita, ta jira shafin ya dawo, ta miƙe. Ta yi masa godiya fiye da yadda ta saba, har dattijon ya bi ta da kallo.

Ta iske Inna Kulu a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, kaji na zagaye da ita. Bara'atu ta ajiye jakar littattafai, ta zauna a kan turmin da aka kife, ta faɗa mata komai tun daga farko, ba ta rage ko kalma ba. Tsohuwar ba ta san mene ne imel ba, amma ta gane an karanta wa suruki wasiƙar da ba tasa ba, ta ajiye rariyar.

"Ke ko da kin ƙare abinki kamin ki tashi."

"Shina tsaye, Inna. Ke kinka koya min."

Inna Kulu ta kakkaɓe garin da ke hannunta a hankali.

"Zuciyar maza na sanyi, ɗiyata. Mu ba su lokaci. In sa Kawunki Sule shi tahi wurin Alhaji shi ba da haƙuri, ai kunya ce ta jawo, ba rashin kunya ba. Kuma yaron ai shina iya dawowa."

Bara'atu ta dubi ƙofar ɗakin mahaifiyarta. Ta san Tambari tun suna makarantar allo ɗaya, ta san idan ya ce ba zai buɗe abu ba, to ko za a yanka shi ba ya buɗewa. Ta ji wani abu ya kwanta a ƙirjinta, mai nauyi, mai sanyi, wanda ta san ya zo zama.

"Ki aika a kira Kawu Sule, Inna," ta ce. "Amma ba haƙuri za shi kai ba. Gobe da sahe shi ɗauki akwatinsu shi mai da musu, na sauwaƙe ma Tambari."